RSI ɗina na Excel ya ƙi daidaita da na waya, ina matsalar take?

Alhaji Sani Jega: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina ɗan saye da sayar da hannun jari a kasuwar Legas ta waya, ban da harkar shago. Manhajar da nake amfani da ita tana zana mini MA, wato matsakaicin farashi mai tafiya, da RSI, wato ma'aunin ƙarfin hawa da saukar farashi, amma ina son in riƙa lissafin da kaina a Excel, in ga yadda lambar ke fitowa, kada in riƙa bin layin da ban san asalinsa ba. Ni ban iya rubuta furogiram ba, iyakata tarawa da ɗebewa a Excel. Wani yaro ya jera mini fomuloli. MA ya zo daidai, amma RSI kullum sai ya bambanta da na waya, wani lokaci da maki biyu, wani lokaci har biyar. Wa zai taimaka?

Nura BK: Wa alaikumus salam Baba Alhaji. Abu ne mai sauƙi. Ka tara duk hawan da farashi ya yi a kwana 14, ka raba da 14. Ka tara saukar, ka raba da 14. Ka raba na farko da na biyu, sannan 100 a ɗebe 100 bisa ɗaya da abin da ya fito. Kullum haka za ka yi ta ja ƙasa. In ya bambanta da na waya, to kana dubawa ne kasuwa ba ta tashi ba, domin manhaja tana lissafi da farashin wannan lokacin, kai kuma ka sa na jiya.

Alhaji Sani Jega: Nura, haka yaron ya yi mini daidai. Kuma da dare nake dubawa, bayan an tashi kasuwa.

Malama Hadiza Akanta: Alhaji barka da dare. Maganar Nura ta lokacin dubawa gaskiya ce, kuma yadda ya faɗi lissafin daidai ne, amma a rana ta farko kaɗai. Daga rana ta biyu hanyar ta canza, kuma ina kyautata zaton nan ne taku ta rabu da ta waya. Kafin mu kai can, bari mu gina shafin tun daga tushe, kowa ya buɗe nasa ya bi ni, don mu tabbata lamba ɗaya muke gani.

A layi na 1 a rubuta kanun. Kwanan wata a kolum A, farashin rufewa a kolum B. Tsohuwar rana a sama, sabuwa a ƙasa. Wannan sharaɗi ne, domin wurare da yawa in ka sauko da farashi sabuwar rana ce ke zuwa a sama, kuma in ka bar shi haka, hawa zai koma sauka a lissafinka ba tare da Excel ya yi ƙorafi ba.

Ga farashin gwaji, ni na ƙirƙire su don koyo, ba na wani kamfani ba ne. A zuba su daga B2 zuwa B16:

```
50, 51, 50.5, 52, 53, 52, 52.5, 54,
53.5, 55, 54, 54.5, 56, 55, 57
```

Matsakaicin kwana biyar zai zauna a kolum C. Ba a fara shi a C2, domin babu kwana biyar a bayansa. A C6 ake farawa:

```
=AVERAGE(B2:B6)
```

Ya kamata ku ga 51.3. Sai a kama ɗan ɗigon da ke kusurwar akwatin a ja ƙasa. Kowane layi zai saki rana ɗaya ta sama ya ɗauki sabuwa ta ƙasa, shi ya sa ake cewa yana tafiya. A C16 ya kamata a ga 55.3.

Mamman Kamba: Malama ni na ja ƙasa amma 51.3 yake ba ni tun daga sama har ƙasa.

Malama Hadiza Akanta: Malam Mamman taɓa C10 ka karanto mini abin da ke ciki.

Mamman Kamba:

```
=MOYENNE($B$2:$B$6)
```

Kwamfutar daga Gaya na sayo ta, Excel ɗinta na Faransanci ne.

Malama Hadiza Akanta: MOYENNE ba matsala, shi ne AVERAGE a wurinku, kamar yadda COUNT yake NB, IF kuma SI. Alamar dalar nan ce ta ɗaure shi. Duk inda ka sa $ ka ce wa Excel kada ya motsa daga nan, to ko ka ja har layi na dubu, kwana biyar na farko zai yi ta lissafawa. Cire su duka huɗun. Sannan ka lura, a naka inda muka sa waƙafi tsakanin ɓangarorin fomula kai `;` za ka sa, kuma 50.5 a wurinka 50,5 ne. In ka rubuta da ɗigo zai iya ɗaukarsa rubutu ba lamba ba.

Wannan maganar ta rubutu ta shafi kowa. AVERAGE ba ya kuka in ya tarar da rubutu, tsallake shi yake yi ya raba da abin da ya rage. Sai ka ɗauka matsakaicin kwana biyar kake gani alhali na huɗu ne. Hanyar ganewa: lamba tana jingina dama a cikin akwati, rubutu yana jingina hagu. Ko ka rubuta `=COUNT(B2:B16)` a gefe. In bai ba ka 15 ba, akwai wanda ba lamba ba.

Mamman Kamba: Ya gyaru. 55,3 a ƙasa. Allah ya saka.

Malama Hadiza Akanta: Amin. To yanzu RSI. Kolum D na hawa ne, E na sauka. Daga layi na 3 ake farawa, tunda ranar farko ba ta da jiya:

```
D3: =MAX(B3-B2,0)
E3: =MAX(B2-B3,0)
```

Ranar da farashi ya hau, D zai nuna nawa ya hau, E ya nuna sifili. Ranar da ya sauka, akasin haka. Ku lura saukar ma ba ta ɗauke da alamar ɗebewa. A ja su zuwa layi na 16. Farashi 15 ya ba mu canji 14, abin da muke buƙata ke nan. In kun tara D za ku samu 11, E kuma 4.

A layi na 16 ne za a yi abin da Nura ya faɗa, sau ɗaya tak:

```
F16: =AVERAGE(D3:D16)
G16: =AVERAGE(E3:E16)
H16: =IF(G16=0,100,100-100/(1+F16/G16))
```

F16 zai ba da 0.7857, G16 0.2857, H16 kuma 73.33. Wannan IF ɗin don ranar da babu sauka ko ɗaya a baya ne, kada a raba da sifili ya fito da `#DIV/0!`.

Yanzu a sa 56 a B17, wato farashi ya sauka da naira ɗaya. D, E da H a ja su ƙasa yadda suke. Amma F da G ba a jan su. Sabuwar fomula ake rubutawa a layi na 17, ita ce kuma za a ja har ƙarshe:

```
F17: =(F16*13+D17)/14
G17: =(G16*13+E17)/14
```

Ma'anarta, matsakaicin jiya ya ɗauki kaso 13, abin da ya faru yau ya ɗauki kaso ɗaya. Haka J. Welles Wilder ya tsara shi lokacin da ya fito da RSI a 1978, kuma yawancin manhajojin zanen farashi hanyarsa suke bi. H17 zai nuna 68.42. Wanda ya ja AVERAGE ƙasa kuwa, hawansa zai zama 10, saukarsa 5, ya samu 66.67. Kun ga tun a rana ta biyu an rabu da kusan maki biyu.

Alhaji Sani Jega: Allahu akbar. Na duba nawa, AVERAGE ne tun daga sama har ƙasa.

Nura BK: Anti Hadiza, ban ƙi ba, amma ni ban ga abin da ya sa nawa ya zama kuskure ba. An ce kwana 14, ni kuma kwana 14 na lissafa cif. Naku fa yana jan kwanakin da suka wuce 14 a ciki. In ana maganar gaskiyar suna, nawa ya fi.

Malama Hadiza Akanta: Ban ce haramun ba ne, Nura. Akwai masu amfani da irin naka da gangan, kuma yana da fa'ida ɗaya: ko daga ina ka fara lissafi, amsarka ɗaya ce. Amma gwada wannan. Sa 56 a B18, farashi bai motsa ba ko kwabo. Me naka ya nuna?

Nura BK: 68.97.

Malama Hadiza Akanta: To ka gani. Daga 66.67 ya hau zuwa 68.97 a ranar da ba abin da ya faru a kasuwa. Dalili, saukar 0.5 ta tun farkon lissafi ta fita daga cikin kwana 14, sai jimlar sauka ta ragu daga 5 zuwa 4.5. Abin da ya motsa lambar ba na yau ba ne, na kusan mako uku da suka wuce ne. Na Wilder yana nan a 68.42 bai gusa ba, domin hawa da sauka duka an rage su da kaso iri ɗaya. A misalinmu saukar ƙarama ce. Ka ƙaddara ranar da ta fita ɗin faɗuwa ce babba, irin ta kashi 10 cikin ɗari da hannun jari ke iya yi a rana ɗaya a kasuwar Legas. Lambarka za ta yi tsalle, mutum ya ɗauka masu saye ne suka shigo, ya sa kuɗinsa. Wannan ne ke damuna da ita, don kuɗin mutane ne.

Nura BK: Na ga wannan. Amma MA ɗin da muka yi a kolum C ma ai haka yake, tsohuwar rana na fita yana motsawa. Me ya sa ba a ce masa komai ba?

Malama Hadiza Akanta: Gaskiyarka, shi ma yana da wannan halin, kuma shi ya sa wasu suka fi son EMA, matsakaicin da ke ba sababbin kwanaki nauyi fiye da tsofaffi. In Alhaji yana so, na kwana 10: a layi na 11 a fara da `=AVERAGE(B2:B11)`, wanda zai ba da 52.35, in a kolum I ne sai a I12 a rubuta `=I11+(B12-I11)*2/11` a ja ƙasa. Wannan 11 ɗin yawan kwanaki ne a ƙara ɗaya. Amma Alhaji ya ce MA ɗinsa ya dace da na waya, to SMA, wato irin wanda muka yi a kolum C, manhajarsa ke zanawa, kada mu ɗora masa abin da bai tambaya ba.

Bello Aliero: Salamu alaikum. Ku yi haƙuri na shigo a tsakiya. Ni da na ga ana maganar ƙarfin kaya na ɗauka abin da nake nema ne. Ina harkar albasa, ina kuma ɗan ajiye shanshera da masara. Tambayata kullum ita ce wanne ya fi ƙarfi a bana, in san inda zan zuba kuɗi. Wannan RSI ɗin zai gaya mini shinkafa ta fi masara?

Malama Hadiza Akanta: A'a Malam Bello. RSI kaya ɗaya yake dubawa, yana auna hawansa da saukarsa shi kaɗai. Abin da kake nema gwada kaya biyu ne, kuma ya fi wannan sauƙi nesa. A sabon shafi, farashin buhun shanshera a B, na masara a C, kowane mako layi ɗaya. A D2 ka rubuta wannan ka ja ƙasa:

```
=(B2/C2)/($B$2/$C$2)*100
```

Nan ana son alamar dala, domin makon farko shi ne ma'auni, ba a so ya motsa. Layin farko zai ba da 100. Misali, ka fara shanshera tana 40,000 masara 30,000. Bayan wata biyu shanshera ta kai 46,000, masara 36,000. Dukansu sun ƙaru da dubu shida, amma fomular za ta ba ka 95.8. Ƙasa da 100 ke nan, wato masara ta fi ta gudu, don ita ta hau kashi 20 cikin ɗari, shanshera kashi 15. Alhaji, kai ma za ka iya yin wannan, ka sa hannun jarinka a B, lambar ASI ta kasuwar gaba ɗaya a C, ka ga ko naka yana gaban kasuwa ko yana bayanta.

Bello Aliero: Wannan shi ne. To albasa fa, in yi mata RSI ɗin? Na ji an ce in ya wuce 70 a sayar, in ya yi ƙasa da 30 a saya.

Hajiya Rabi Argungu: Bello kada ka soma. Ni ban san Excel sosai ba, ɗiyata ke shigar mini da lissafi, amma na san kaya. Albasa in ta fara tsada bayan ta rumbu ta ja baya, mako bayan mako hawa take yi, wata da watanni. Yadda Malama ta yi bayani, in babu sauka a baya lambar sama za ta tsaya. To za ta wuce 70 tun tsadar ba ta yi nisa ba, ka sayar, ka zauna kana kallon farashi yana ninkawa. Lokacin kaka kuma ta faɗi ƙasa da 30 ta daɗe a can, kai kana ta saye kaya na ruɓewa. Mu abin da ke motsa farashinmu sananne ne: girbi, ruwa, hanya, buɗe iyaka ko rufe ta, da ko manyan injinan casa sun shigo saye.

Malama Hadiza Akanta: Hajiya ta fahimci lissafin sarai. 70 da 30 Wilder ne ya ba da su a matsayin alama, ba umarnin saye da sayarwa ba ne, kuma ko a hannun jari, in farashi ya kama hawa na gaske RSI yana iya daɗewa a sama da 70. Ƙari a kan haka Malam Bello, in farashin mako kake shigarwa, 14 ɗin nan mako 14 ne, fiye da wata uku. Kuma sai buhun ya zama iri ɗaya, kasuwa ɗaya. In wannan makon ka rubuta farashin sabuwar albasa, mako mai zuwa na busasshiya, fomula ba ta san ka canza kaya ba.

Nura BK: Ni dai ina ganin yana da amfani ko a albasa, in an haɗa da MA. Ba 70 za ka duba ba. Ka jira ranar da farashi ya faɗo ƙasan matsakaicin mako biyar, RSI ma ya juyo, sannan ka san hawan ya ƙare.

Hajiya Rabi Argungu: Kafin matsakaicinka ya juyo, ɗana, motocin sabuwar albasa sun riga sun cika kasuwa, kowa ya gani da idonsa.

Nura BK: Hajiya ai ba kowa ke zaune a bakin kasuwar ba. Wanda ke Legas yana saye daga nan fa?

Bello Aliero: Wanda ke Legas waya yake bugo mana. Amma zan gwada na Nura a kan farashin bara da ke littafina, in ga a wane mako zai ce in sayar, in gwada da makon da na sayar.

Alhaji Sani Jega: Malama na dawo. Na gyara F da G yadda kika ce. Na zuba farashin kwana 30 na kamfanin da nake bi. Yanzu nawa 58.9, na waya 61.2. An matso amma ba a haɗu ba.

Malama Hadiza Akanta: Kwana 30 ya yi kaɗan, Alhaji. Ka tuna kowace rana tana ɗauke da kaso 13 cikin 14 na jiya. Wato lambar da ka fara da ita a layi na 16 ba ta ɓacewa nan da nan, raguwa take yi a hankali. Bayan kwana 14 kusan kashi 35 cikin ɗari na tasirinta yana nan. Bayan kwana 50 ya koma wajen kashi biyu da rabi. Sai an kai kwana 100 ne ya zama ba a ganinsa. Manhajarka ta fara nata lissafin tun shekaru baya, kai ka fara wata ɗaya da ya wuce, dole farkonku ya bambanta. Ka nemo farashin kwana 120 ko fiye, ka zuba, ka duba layin ƙarshe kawai.

Sannan kada ka sa Asabar da Lahadi ko ranar hutu, kuma kada ka bar layi babu farashi a tsakiya. Akwatin da ba komai, ɗebewa tana ɗaukarsa sifili, sai E ya nuna kamar farashin ya faɗi daga 56 zuwa babu, gobe D ya nuna ya tashi daga babu. Wannan kuskure ɗaya zai gurɓata F da G na makonni. In ka ga lamba a D ko E da ta kai girman farashin kansa, to akwai rami a kolum B.

Mamman Kamba: To ranar da kasuwa ta ci amma ba a yi cinikin wannan kamfanin ba fa? Ƙananan kamfanoni suna yin kwanaki farashi bai motsa ba.

Malama Hadiza Akanta: Ni ina maimaita farashin jiya, D da E su zama sifili. Amma manhajoji ba su haɗu a kan wannan ba, wata tana zana ranar, wata tana tsallake ta. Sai ka ƙirga kwanakin da ke zanen taka ka bi yadda ta yi. A RSI na Wilder ranar ba ta canza lambar a take, amma tana rage nauyin kwanakin baya, don haka motsin da ya biyo baya zai fi tasiri. A SMA kuwa kai tsaye take canza shi.

Alhaji Sani Jega: Na samo kwana 130, na zuba. Nawa 60.4, waya 61.2. MA na kwana biyar daidai yake har kwabo.

Nura BK: Baba Alhaji wannan ai ya isa. Ƙasa da maki ɗaya ne.

Malama Hadiza Akanta: Don yanke shawara ya isa, amma da kwana 130 ya kamata su haɗu fiye da haka, don haka akwai farashin da ya bambanta a wani wuri. Tunda MA na kwana biyar ya dace, ba a wannan makon yake ba, yana baya. Alhaji, kamfanin ya raba riba kwanan nan? Ranar da aka cire ribar daga farashi, farashin yana sauka da gwargwadonta. A shafinka wannan zai shiga E a matsayin faɗuwa. Wasu manhajoji kuwa suna gyara tsofaffin farashi don shafe wannan gibin, kuma hakan zai sa nasu ya ɗan fi naka, kamar yadda muke gani.

Alhaji Sani Jega: Sun raba, wajen mako biyar da suka wuce.

Malama Hadiza Akanta: To ka taɓa zanen wayar a kan wata rana kafin rabon, ka karanta farashin rufewar da ta nuna, ka gwada da na kolum B na wannan ranar. In na waya ya yi ƙasa da naka, gyararren farashi take amfani da shi, sai ka duba saitinta ko akwai inda ake kashe gyaran. In kuma daidai suke, ba ribar ba ce, sai mu bi kwanakin wata biyun nan ɗaya bayan ɗaya. Turo mini hoton layi na 90 zuwa 131 in ka duba.